Rufe fuskoki da lambobin mota a bidiyo kafin raba sakamakon nazari: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga bakin masu nazarin bidiyon kyamarar titi ko ta gaban mota, musamman a lokacin da aiki ya kammala ana shirin tura guntun bidiyo ga abokan aiki ko nuna shi a taro. Don kada magana ta watse, misali ɗaya za a riƙe har ƙarshe: bidiyon mahaɗar titi na minti 10, mai faɗin fiksel 3840, firam 30 a kowace daƙiƙa, wanda aka ɗauka don ƙirga motoci da masu tsallakawa a ƙafa.

1. Motoci nake ƙirgawa, ba ruwana da mutane. Me ya sa sai na rufe fuskoki?

Domin kyamara ba ta san abin da kake nema ba, duk wanda ya gitta ta ɗauka. Kai adadin motoci ka gani. Wanda ka tura wa bidiyon kuwa zai iya ganin maƙwabcinsa a wurin da ya ce bai je ba, a motar wani, ga rana ga lokaci a rubuce a kusurwar hoto. Mutumin nan bai ba ka izini ba, bai ma san an ɗauke shi ba. Lambar mota ma haka take, tunda tana kai wa ga mai motar ta hanyar rajista.

Sannan sakamakonka ba ya buƙatar fuskar kowa. Akwatin da ke bin mota da layin ƙirga suna nan daram ko an rufe kowace fuska. Abin da ba ya ƙara wa hujjarka komai, amma yana iya jawo wa wani fitina, bai kamata ya fita daga kwamfutarka ba.

2. Dusashewa, mozayik ko baƙin akwati: wanne zan zaɓa?

Idan kariya ce a gabanka, baƙin akwati. Shi kaɗai ne ke share fiksel ɗin asali ya maye gurbinsu da launi ɗaya, don haka babu abin da ya rage da za a tono. Dusashewa da mozayik duka lissafi ne a kan fiksel ɗin asali: dusashewa tana cakuɗa kowane fiksel da na kewayensa, mozayik kuma yana raba wurin gida-gida ya ba kowane gida matsakaicin launinsa. A duka biyun akwai saura na bayanin fuskar a cikin hoton, ido ne kawai ba ya iya karanta shi.

Na san dalilin da ya sa mutane ke gudun baƙin akwati: yana ɓata kyan bidiyo. Idan dole sai an dusashe, to a ɗaure ƙarfin dusashewar da girman fuskar, kada a sa adadi ɗaya ga kowa. Ƙarfin da ya shafe fuska mai faɗin fiksel 30 a can nesa ba zai yi wa fuska mai fiksel 300 a gaban kyamara komai ba, za ka ga ido da hanci da gemu sarai. Mai mozayik ya ƙirga gidajen da ke faɗin fuska, ya bar su kaɗan ƙwarai, ba ya ƙirga fiksel ɗin kowane gida ba. A lambar mota kuwa ban yarda da komai ba sai akwati, dalilin yana tambaya ta 8.

3. Da gaske ne ana iya gano fuskar da aka dusashe?

Gaskiya ne, kuma ta hanya fiye da ɗaya. A 2007 ƙwararrun 'yan sandan Jamus sun warware hoton wani da ake nema wanda ya murɗe fuskarsa da manhajar gyaran hoto, Interpol ta wallafa fuskar, aka kama shi a Thailand. Murɗewa sauya wa fiksel wuri kawai take yi, wanda ya juya lissafin baya zai mayar da su gurbinsu.

Hanya ta biyu ta fi damun mai bidiyo, domin ba ta buƙatar dawo da hoton. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Texas da ke Austin da Cornell Tech sun nuna cewa za a iya horar da manhaja ta gane mutum daga fuskarsa da aka yi wa mozayik ko aka dusashe. Dabarar ita ce a ɗauki hotunan mutanen da ake zato, a dusashe su irin yadda aka yi wa na bidiyon, sannan a kwatanta. Wanda ke da jerin mutum 40 da yake zargi ba ya buƙatar ganin fuska, dacewa kawai yake nema.

4. Kafin nazari zan rufe ko bayansa?

A mafi yawan aiki, bayansa. Yi nazarin a kan bidiyon asali, ka ajiye sakamakon a matsayin lambobi: firam kaza, abu kaza, a gurbi kaza. Daga nan ka koma kan firam ɗin asali ka rufe fuskoki da lambobin mota, sai a ƙarshe ka zana akwatunan nazari da layin ƙirga a kai. Jerin nan yana da dalili. Idan ka fara zana akwatuna da rubutu sannan ka nemi fuskoki, layin da ya ratsa rabin fuska zai sa manhaja ta kasa gane ta, alhali ragowar rabin ya ishi ɗan'adam ya gane mutumin.

Akwai inda ake juya jerin. Idan wasu ne a waje za su yi wa bidiyon alama, ko za a loda shi a sabar wani kamfani, to fitarsa daga hannunka rabawa ce, sai a rufe tukuna. A nan ka gwada nazarin a kan guntu ɗaya, rufaffe da buɗaɗɗe, ka ga ko ƙirgar ta sauya. Ƙirgar motoci ba kasafai take girgiza ba. Ta masu tafiya a ƙafa takan ragu idan akwatin ya cinye kai da kafaɗa.

5. Manhajar da nake amfani da ita tana kama kashi 99 cikin 100 na fuskoki. Wannan bai wadatar ba?

Mu yi lissafi da bidiyonmu. Minti 10 a firam 30 ya ba da firam 18,000. A ce a kowane firam akwai fuska 5, wato sau 90,000 fuska ta bayyana. Kashi 1 cikin 100 na wannan shi ne 900. Sau 900 ke nan fuska ta fito a buɗe, kuma firam ɗaya ya ishi wanda ya tsayar da bidiyo ya ɗauki hoton allo.

Nan ne aikin rufewa ya sha bamban da aikin ƙirga. A ƙirga, kuskuren kashi ɗaya abin yabo ne, domin matsakaici ake dubawa. A rufewa, mutumin da aka rufe a firam 299 aka bar shi a firam ɗaya, daidai yake da wanda ba a rufe ba. Saboda haka abin da ya kamata ka ƙirga shi ne mutum nawa suka fito a buɗe ko da sau ɗaya. Yadda ake rage su yana tambaya ta 6 da ta 7, yadda ake gano ragowar kuma yana ta 10.

6. Waɗanne fuskoki ne manhaja ta fi tsallakewa, kuma me ke jawo haka?

Na farko, ƙanana. Manhajojin gano abu da yawa sukan rage hoto zuwa faɗin fiksel 640 kafin su duba shi, don sauri. Bidiyonmu mai faɗin 3840 ya ragu sau 6 ke nan. Fuska mai fiksel 30 ta koma fiksel 5, manhaja ba ta ga komai ba. Amma bidiyon da za ka raba yana nan da cikakken girmansa, wanda ya zuƙo hoton zai iya gane wanda ya sani. Alamar wannan matsala a bayyane take: na kusa duk a rufe, na tsallaken titi duk a buɗe, sai su rufu kwatsam idan sun matso. Maganinta a duba hoton a cikakken girmansa, ko a yanka kowane firam gida-gida, gefen kowane gida ya ɗan hau na kusa da shi don kada fuska ta rabu biyu a kan iyaka. Idan nazarin bai buƙaci nuna kaifin hoto ba, rage girman bidiyon da za ka raba shi ma taimako ne.

Na biyu, fuskar da ba ta kallon kyamara: ta gefe, wadda ta sunkuya, wadda hular kwano ko takunkumi ko mayafi ya rufe wani ɓangarenta, da ta direba a bayan gilashi mai ƙyalli. Tsofaffin hanyoyi irin na Haar da ke cikin OpenCV sun fi ƙwarewa a fuskar da ta fuskanci kyamara, da mutum ya juya sai su sake shi. Ƙarancin haske ma yana da nasa, kuma fuska mai duhun fata a inuwa ko a gaban haske mai ƙarfi tana cikin waɗanda ya kamata ka bincika da idonka, kada ka dogara da alƙaluman da aka samo daga bidiyon wani wuri.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce a daina neman fuska kaɗai. Ai nazarinka ya riga ya gano mutane da motoci. Gano mutum gaba ɗayansa ya fi gano fuskarsa sauƙi, don haka ka rufe saman akwatin kowane mutum, misali kashi ɗaya cikin huɗu, ko an ga fuska ko ba a gani ba. Sai ka haɗa wannan da abin da mai gano fuska ya samo.

7. Akwatin rufewa yana ƙyaftawa, ya ɓace ya dawo. Ta yaya zan tsayar da shi?

Hakan na faruwa idan ana duba kowane firam shi kaɗai. Manhaja tana ba kowace fuska maki tsakanin 0 da 1, ta yar da wadda ba ta kai mizanin da aka sa ba. Fuskar da makinta ke yawo a bakin mizanin za ta rufu a wannan firam ta buɗe a na gaba. Matakin farko shi ne a sauke mizanin ƙasa sosai. Za ka ga an rufe tayar mota da allon talla, babu laifi. Rufe taya bai cuci kowa ba.

Mataki na biyu, bin sawu. A ba kowane mutum lamba a bi shi daga firam zuwa firam. Idan an gan shi a firam na 410 da na 416 amma ba a gan shi a tsakani ba, a cike giɓin da lissafin inda ya kamata ya kasance. Sannan a tsawaita rufewar gaba da baya, kamar firam 10 kafin a fara ganinsa da 10 bayan an daina, domin a lokacin shigowa hoto da fita ne aka fi samun rabin fuska a buɗe. A kuma faɗaɗa akwatin ya wuce iyakar fuskar, ya haɗa da kunne da gashi.

Idan kuwa akwatin yana nan amma kullum yana bayan mutumin ko gabansa, matsalar ta lokaci ce. Wayoyi kan ɗauki bidiyo da saurin firam mai canzawa, sai lambar firam a sakamakon nazari ta saɓa da ta wurin zane. Ka mayar da bidiyon zuwa tsayayyen sauri tun kafin komai, ka yi duk matakan a kan wannan kwafin.

8. Me ya bambanta lambar mota da fuska?

Lambar mota ta fi sauƙin tonowa. Haruffanta ƙayyadaddu ne, salon rubutunta sananne ne, tsarinta ma sananne. Mai nema zai iya zana kowane harafi, ya yi masa mozayik iri ɗaya, ya ga wanne ya dace. Manhajar Depix da ta fito a 2020 da irin wannan dabara take karanto rubutun da aka yi wa mozayik a hoton allo. Bidiyo kuma yana ƙara masa sauƙi: motar tana tafiya, gidajen mozayik suna faɗawa a wurare daban-daban na lambar a kowane firam, kamar mai leƙen tsakar gida ta ramukan zana yana tafiya, kowane rami ya nuna masa wani yanki har ya haɗa hoton duka.

Ga kuma gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana matsawa fiye da rabin mita tsakanin firam da firam a bidiyonmu, don haka akwatin da ya makara da firam ɗaya zai iya barin lambar a waje. A faɗaɗa shi sosai. Kada a manta da lambar babur, da lambar da ake rubutawa da fenti a jikin manyan motoci, da lambar waya a ƙofar motar haya.

9. Da wane kayan aiki zan fara?

Ga fuskoki akwai `deface`, manhajar kyauta da ke aiki a kan kwamfutarka ba tare da loda bidiyo ko'ina ba. Mizaninta na asali 0.2 ne, faɗaɗawar akwati kuma 1.3. Wannan umarni ya sauke na farko, ya ƙara na biyu, ya sa baƙin akwati:

```
deface mahada.mp4 --thresh 0.1 --mask-scale 1.5 --replacewith solid -o rufe1.mp4
```

Ka sani fuska kaɗai take nema, kuma firam-firam take dubawa, don haka abin da aka faɗa a tambaya ta 7 yana nan. Zaɓinta na `--scale` yana rage hoto kafin dubawa, ka guje shi idan akwai mutane a nesa. Ga lambobin mota kana buƙatar wata manhajar, irin EgoBlur da Meta ta saki a 2023, wadda ke da na fuska da na lamba.

Abin da ba ya motsi, kamar motar da aka faka ko tagar gida, da hannu ya fi sauƙi. Wannan yana rufe wuri ɗaya daga daƙiƙa ta 12 zuwa ta 45:

```
ffmpeg -i rufe1.mp4 -vf "drawbox=x=820:y=1540:w=260:h=110:color=black:t=fill:enable='between(t,12,45)'" -an rufe2.mp4
```

10. Ta yaya zan tabbatar ba a bar kowa a buɗe ba?

Ka duba fayil ɗin da za ka tura, shi kansa, ba abin da manhajar gyara ke nuna maka a allo ba. Kallo a saurin da aka saba ba ya wadatarwa, domin firam ɗaya kashi ɗaya ne cikin 30 na daƙiƙa, ido ba zai kama shi ba. Sai an bi firam-firam, an zuƙo nesa da gefunan hoto.

Babu mai iya yi wa firam 18,000 haka da natsuwa, shi ya sa shawarata ta fi karkata ga rage abin da za a raba. Me taron ke buƙatar gani? Wataƙila daƙiƙa 20 da ke nuna yadda ƙirgar ke aiki. Firam 600 ke nan, mutum ɗaya zai iya binsu ɗaya bayan ɗaya. A yanke gefen hoton da ba ya cikin nazarin tun farko, mutanen da ke can sun fita daga lissafi gaba ɗaya.

Akwai gwaji biyu da ke taimakawa. Ka saki wata manhajar gano fuska, ba wadda ta yi rufewar ba, a kan rufaffen bidiyon, tare da mai karanta lambar mota. Duk inda suka ce sun ga wani abu, je ka duba. Idan ka maimaita da manhajar farko, makantarta ɗaya ce, abin da ta tsallake jiya shi za ta tsallake yau. Sannan ka ba wani da bai yi aikin ba ya duba, ka ce masa ya nemo mutum ɗaya da zai iya ganewa.

11. Na rufe fuska da lamba. Me kuma ya rage da zai tona mutum?

Sauti na farko: murya, kiran suna, hirar cikin mota. Idan ba a buƙatarsa a cire. Sai hoton da ke dawowa a madubin mota da gilashin gini, wanda manhaja kan tsallake. Sai rubutun da kyamarar gaban mota ke bugawa a jikin hoto, na rana da lokaci da gurbin GPS, wani lokaci har da lambar motar mai kyamarar.

A cikin fayil ɗin ma akwai abin da ido ba ya gani. Wayoyi kan rubuta wurin ɗauka, kyamarorin GoPro kuma suna da zaren bayanai na daban mai ɗauke da GPS. Wannan umarni yana ɗaukar hoton kaɗai ya bar sauran, sai ka tabbatar da `ffprobe` ko `exiftool`:

```
ffmpeg -i rufe2.mp4 -map 0:v:0 -map_metadata -1 -c copy na_rabawa.mp4
```

Jiki ma shaida ne. Tufafi, tsawo, salon tafiya, sandar da mutum ke dogarawa, duk suna gaya wa wanda ya san shi ko wane ne. A babban titi mai cunkoso haɗarin kaɗan ne. A ƙofar asibiti ko layin da mutum ƙalilan ke bi, a rufe jikin gaba ɗaya, ko a nuna ɗigo a kan taswirar mahaɗar maimakon bidiyon.

12. Teburin sakamako fa? Na mayar da lambobin mota zuwa SHA-256, ai sun ɓoye ko?

Ba su ɓoye ba. SHA-256 lissafi ne da ke mayar da rubutu zuwa wani dogon jerin haruffa da alƙaluma, kuma rubutu ɗaya kullum jeri ɗaya yake bayarwa. Ɗauki tsarin lamba mai haruffa 3 da alƙaluma 4: haruffan suna ba da 17,576, alƙaluman 10,000, jimla 175,760,000. Kwamfutar tebur za ta lissafa SHA-256 na dukansu cikin ɗan lokaci, ta kwatanta da teburinka, kowace lamba ta fito. Idan kana buƙatar sanin mota ɗaya ce ta wuce sau biyu, yi amfani da HMAC, wato irin wannan lissafi amma haɗe da mabuɗin sirri wanda ba ya fita tare da teburin, ko ka ba kowace mota lambar da aka zaɓa kara-zube ka goge jadawalin da ya haɗa su. Ko da hakan, layin da ke cewa mota kaza ta wuce ƙarfe 7:42 kowace safiya yana nuna mutum ɗaya. Ga mai karɓar rahoto, jimlar motoci a kowane minti 15 ta fi amfani. Ka kuma leƙa babban fayil ɗin da manhajar nazari ke zuba sakamako, domin wasu kan ajiye yankakkun hotunan duk abin da suka gano, a buɗe, kusa da teburin.

13. Idan na rufe, na fita daga hurumin dokar kare bayanai?

Ba kai tsaye ba. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018, tana ɗaukar bayani a matsayin wanda ba na kowa ba ne kawai idan ba za a iya gano mutumin ta hanyoyin da ake iya tsammanin wani zai bi ba. Bidiyon da tufafi da wuri da lokaci ke tona mai shi, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 11, bai cika wannan sharaɗi ba ko an rufe fuska. Kuma ɗaukar bidiyon da ajiye shi da yi masa nazari duk sarrafa bayanan mutane ne tun kafin a zo maganar rabawa. Ƙasashe da yawa suna da tasu dokar, sai ka duba ta inda aka ɗauki bidiyon da ta inda za a tura shi.

14. Ya zan yi da bidiyon asali, kuma idan na gano kuskure bayan na tura fa?

Na asali ya zauna a ma'aji mai kulle, a hannun waɗanda aikin ya shafa kaɗai, da ranar gogewa da aka tsayar tun farko. Ka bambanta sunayen fayil sosai, ka ware wa na rabawa wurinsa daban, domin tura na asali bisa kuskure ya fi kowace gazawar manhaja muni. Fayil ɗin aikin manhajar gyaran bidiyo ma kada ya fita, rufewar da ke cikinsa shafi ne da ake ɗagawa da danna maɓalli ɗaya.

Idan fuska ta kuɓuce bayan an tura, ka janye mahaɗin nan take, ka sanar da waɗanda suka karɓa su goge kwafinsu, ka aika gyararren da sabon suna. Ka rubuta firam ɗin da abin ya faru da waɗanda suka samu fayil ɗin, ka kai wa mai kula da kare bayanai a wurin aikinka a ranar. A ƙarƙashin GDPR, idan kuskuren na iya cutar da mutane, awa 72 ake da su daga lokacin da aka sani don sanar da hukumar kare bayanai.